Hatimin bara ba ya aikin bana: yadda ake gane lasisin ma'aikaci yana raye

Duk ranar 31 ga Disamba, da tsakar dare, lasisin ɗimbin lauyoyi da likitoci a Ghana yakan ƙare. Babu ƙararrawar da ke kaɗawa. Gari zai waye lauya yana nan da baƙar rigarsa, likita yana nan da farar tasa, takardun shaida suna rataye a bango kamar jiya, hatimin roba yana kan tebur. Amma a idon doka, wanda bai sabunta ba, ba shi da izinin yin aikin da yake yi. Kuma abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, idan asiri ya tonu, sau da yawa wanda ya ɗauke shi aiki ko ya ba shi shari'arsa shi ke kwana a ciki.

Wannan magana ta shafi mai ƙaramin asibiti a Nima ko Aboabo, da mai kemis a Sabon Zango, da ɗan kasuwar da ya ɗauki lauya ya bi masa bashi. Tambayar guda ɗaya ce: wannan hatimi da wannan kati da ake nuna mini, na bana ne, kuma ta yaya zan tabbatar?

Takarda biyu ce, mutane suna ɗauka ɗaya ce

Ruɗanin yana farawa ne daga nan. Duk mai sana'ar da doka ke sa wa ido yana da shaida iri biyu. Ta farko ita ce shaidar shiga sana'a: ya yi karatu, ya ci jarrabawa, an rubuta sunansa a rajista. Wannan sau ɗaya ake ba da ita, ita ce aka fi sakawa a gilashi a rataye. Ta biyu ita ce izinin aiki na shekara, wanda ke ƙarewa, sai an biya kuɗi an cika sharuɗɗa kafin a sake ba da shi. Ta farko tana cewa mutumin nan ya taɓa cancanta. Ta biyu ce kaɗai ke cewa yau ma yana da izini.

A ɓangaren lauyoyi, dokar aikin lauya ta 1960, wato doka mai lamba 32, a sashe na 8 ta hana kowa yin aikin lauya sai yana riƙe da lasisin shekara wanda Hukumar Kula da Harkokin Lauyoyi, GLC, ta bayar. Antoni Janar da jami'an ma'aikatarsa ne kawai aka keɓe. Sabon lauya ma da aka rantsar, ba nan take yake samun wannan lasisi ba, sai ya yi wata shida yana koyon aiki a ofishin wani babban lauya. Ka ga ke nan, hoton ranar rantsarwa da hular gashi a ka bai isa hujja ba.

A ɓangaren lafiya kuwa, doka mai lamba 857 ta shekarar 2013 ce ta tattara hukumomin. Likitoci da likitocin haƙori da mataimakan likita suna ƙarƙashin MDC, wadda ke sabunta zaman sunansu a rajista duk shekara. Nas-nas da ungozomomi suna ƙarƙashin hukumarsu, wadda ke ba ƙwararru lambar PIN, mataimaka kuma lambar AIN, kuma ita ma duk shekara ake sabuntawa. Masu haɗa magunguna suna da tasu hukumar, haka ma'aikatan ɗakin gwaji da masu ɗaukar hoton ƙashi. A wajen likita da nas, kuɗi kaɗai ba ya wadatarwa, sai mutum ya nuna makin da ya tara daga kwasa-kwasan ƙaro ilimi a cikin shekarar.

Shari'ar da ta nuna wa ke biyan kuɗin sakaci

Wanda ke ganin wannan duk harkar takardu ce kawai, ya dubi shari'ar Korboe da Amosa. Wani lauya ya shigar da ƙara a Babbar Kotu a madadin wanda yake wakilta, alhali a lokacin bai sabunta lasisinsa na shekarar ba. Ɗaya ɓangaren ya gano, ya ce ƙarar ba ta zauna ba. Babbar Kotu ta amince, ta yi watsi da ita. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a'a, laifin lauya ne, a hukunta lauya, kada a ɗora wa mutumin da bai ji ba bai gani ba. Magana ta kai Kotun Ƙoli, kuma a watan Afrilun 2016 mafi rinjayen alƙalai suka yanke cewa takardar da lauya marar lasisi ya shigar ba ta da wani tasiri a doka. An nemi kotun ta sake duba hukuncin a cikin shekarar, ta tsaya a kan bakanta.

Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A nan ruwan ya doki har da wanda ke tsaye a gindin bishiya. Hujjar masu goyon bayan hukuncin ita ce, idan aka ce takardar tana nan daram, to dokar lasisi ta zama wasa, kowa zai yi aikinsa sai ranar da aka kama shi ya je ya biya. Hujjar masu suka kuwa, dokar da kanta ta riga ta tanadi hukuncin lauyan, har da hana shi kai ƙara don neman ladan aikin da ya yi ba lasisi, don haka me ya kawo wanda ya ɗauke shi cikin lamarin? Duk hujjojin biyu suna da nauyi. Amma wanda ya yi rinjaye shi ne na farko, kuma da shi ake aiki.

Bari mu ga yadda hakan ke iya zama asara ta gaske. A ce wani ɗan kasuwa yana bin wani bashin kuɗin kaya. Dokar ƙayyade wa'adin kai ƙara ta 1972 ta ba shi shekara shida a kan bashin ciniki. Ya yi ta haƙuri, ana sa baki, ana ɗaga masa rana, har saura wata biyu wa'adin ya cika. Sai ya garzaya wajen lauya a watan Fabrairu, lauya ya shigar da ƙara da lambar lasisin bara. Ana cikin shari'a, a watan Yuni, lauyan ɗaya ɓangaren ya taso da maganar. Kotu ta yi watsi da ƙarar. Ɗan kasuwa ya ce to a sake shigarwa, sai a ce masa ai shekara shida ta cika tun Afrilu. Bashin yana nan, amma ƙofar kotu ta rufe. Abin da ya rage masa shi ne ya bi lauyan nasa, wannan kuwa sabuwar shari'a ce da sabon kashe kuɗi.

Abin takaicin shi ne, ana iya kauce wa wannan a cikin minti biyu. Lauyoyin Ghana suna rubuta lambar lasisinsu a kan takardun da suke shigarwa kotu. Lambar tana ɗauke da haruffan yanki, misali `GAR` ga yankin Accra, sannan lambobi, sannan a ƙarshe, bayan 'yar sanda mai karkata, lambobi biyu na shekarar da aka ba da lasisin. Idan takarda ta fita a 2025 amma lambar ta ƙare da `/24`, to akwai tambaya. Ba sai ka yi karatun lauya ba kafin ka karanta lamba biyu.

Yadda Najeriya ta bi da nata

Da yake da yawanmu muna da harka da Najeriya, ana aiko mana da takardun fili ko na gado ko na kamfani daga can, yana da kyau a san nasu tsarin, domin ya bambanta da namu. A can hatimin shekara abu ne da ake gani da ido. Ƙa'ida ta 10 ta dokokin ɗa'ar lauyoyi ta wajabta wa lauya ya liƙa hatimin Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya, NBA, a kan takardar shari'ar da ya sa wa hannu. 'Yar takarda ce mai ɗanko kamar kan sarki, da sunan lauya da lambar rajistarsa a Kotun Ƙoli da lokacin ƙarewarta. Shekararsu ba ta bin Disamba: ranar 31 ga Maris ce iyakar biyan kuɗin izinin aiki na shekara.

A 2015, a shari'ar zaɓen gwamnan Kebbi tsakanin Bello Sarkin Yaƙi da Atiku Bagudu, Kotun Ƙolin Najeriya ta fuskanci tambaya mai kama da tamu: takardar da ba a liƙa wa hatimi ba, ta mutu ke nan? Kotun ta ce ba ta mutu ba, tana da tawaya ne, ana iya gyarawa ta hanyar liƙa hatimin daga baya da izinin kotu.

Kada a yi saurin cewa kotunan biyu sun saɓa wa juna, domin tambayoyin ba ɗaya ba ne. A Ghana lauyan ba shi da lasisin ne ɗungurungum. A Najeriya maganar ta tsaya a kan alamar da ba a liƙa ba. Wannan bambanci shi ne gundarin abin da mai ɗaukar aiki ya kamata ya riƙe. Hatimi alama ce ta izini, izinin kansa yana cikin rajistar hukuma. Mutum na iya zama da izini bai liƙa hatimi ba. Wanda ya fi haɗari kuma, yana iya zama da hatimi a hannu alhali izinin ya daɗe da tafiya.

Inda hatimi da kati ke yin ƙarya

Hanya uku ce aka fi samu. Ta farko, lokaci. Hatimin roba da likita ke bugawa a takardar magani ba ya tsufa da shekara. Wanda aka sassaƙa shekara biyar da ta wuce zai buga tsaf yau. Hukumar MDC ta fito da manufar cewa kowane ma'aikacinta ya sa alamar suna a ƙirji, ya kuma yi amfani da hatimi mai suna da matsayi da lamba, don marar lafiya ya san wa ke duba shi. Wannan ci gaba ne, amma amfaninsa shi ne ya ba ka suna da lambar da za ka bincika. Shi kansa bai gama binciken ba.

Ta biyu, dakatarwa a tsakiyar shekara. Kati na iya cewa yana aiki har ƙarshen shekara, amma kwamitin ladabtarwa ya dakatar da mai shi a watan Mayu. Katin ba zai canza launi a aljihunsa ba. Ranar da ke jikin kati tana gaya maka abin da yake gaskiya ne a ranar da aka buga shi.

Ta uku, lamba ta gaskiya a hannun da ba nata ba. Wannan ita ce ta fi wuyar kamawa, domin idan ka duba lambar za ka same ta a rajista, tana raye, lafiya lau. Sai dai mai ita yana Tamale yana aikinsa, ko ya bar ƙasar ma, wani ne ke amfani da sunansa a unguwarku. Danginta ita ce hayar lasisi, inda ake rataye takardar mai haɗa magunguna a kemis alhali ba a taɓa ganin ƙeyarsa a shagon ba. A nan mai shagon ya sani sarai, don haka ba a yaudare shi ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Yadda ake tantancewa, daki-daki

A ce kana da ƙaramin asibitin haihuwa mai gado goma. A watan Fabrairu wata nas ta zo neman aikin dare. Ta kawo takardar makaranta, da takardar rajista, da katin PIN da ranarsa ta wuce, da kuma rasiɗin momo a waya da ke nuna ta biya kuɗin sabuntawa mako biyu da suka wuce. Ta ce sabon yana hanya. Kana buƙatarta yau, domin wadda ke riƙe da dare ta tafi hutun haihuwa.

Abu na farko, ka karɓi takardun asali a hannunka, ka ajiye kwafi gefe. Ka dubi abu huɗu: suna, lamba, rukuni da ranar ƙarewa. Rukunin nan ana yawan tsallake shi, kuma yana da muhimmanci. Mai AIN mataimakiya ce, ba za ka ba ta ɗakin haihuwa ita kaɗai ba. Nas ta gama-gari kuma ba ungozoma ba ce. Haka a wajen likitoci: rajistar MDC kashi uku ce, ta dindindin, da ta wucin gadi, da ta sababbin likitoci masu aikin horo ƙarƙashin kulawa. Wanda ke cikin ta ukun, lasisinsa na iya zama na bana, amma bai ba shi damar ya riƙe maka asibiti shi kaɗai da dare ba.

Na biyu, ka haɗa takarda da fuska. Ka nemi Ghana Card, ka ga suna da hoto sun dace da na katin aiki da kuma wadda ke zaune a gabanka. Idan suna ya bambanta saboda aure, wannan abu ne da ake samu kullum, amma sai ka ga takardar canjin suna. Wannan matakin ne ke kama mai aron lamba, kuma shi ne aka fi jin kunyar yi.

Na uku, ka tambayi hukumar da kanka. MDC tana fitar da jerin waɗanda suka sabunta a shafinta, hukumar nas-nas kuma tana da ofisoshi a yankuna. Ka buga adireshin shafin da hannunka, ko ka tura wani ofis da wasiƙa mai ɗauke da suna da lamba. Kada ka dogara da hoton allon waya da aka turo maka ta WhatsApp, ko wata mahaɗa da mai neman aikin ya ce ka latsa. Yaron da ya iya waya zai gyara irin wannan hoton kafin shayi ya huce.

Sai maganar rasiɗi. Rasiɗi yana nuna an biya kuɗi, shi ke nan. Bai nuna makin kwas ya cika ba, bai nuna babu ƙorafi a kanta ba, bai nuna hukuma ta amince ba. Yana yiwuwa ƙwarai gaskiya take faɗa, jinkirin daga ofis ne. To mafita ita ce a samo tabbaci a rubuce daga hukumar cewa an sabunta. Kafin ya zo, ana iya gama maganar albashi, ta zaga ta ga wurin aiki, amma kada a sa sunanta a jadawalin dare. Ɗaukar ta a kan rasiɗi cinikin biri a sama ne.

Na ƙarshe, wanda yawancin wurare ke faɗuwa a kansa: ka rubuta. Littafi ɗaya ya isa, kowane ma'aikaci da layinsa: suna, lamba, ranar ƙarewa, ranar da aka duba, da wanda ya duba. Wata biyu kafin ranar ƙarewa a tuna masa. A tsakiyar shekara a sake dubawa sau ɗaya saboda maganar dakatarwa. Masu aikin cike gurbi, waɗanda ke zuwa daren Asabar su tafi, su ma su shiga littafin, domin ta nan ɓaraka ta fi shigowa: wani ya ce abokinsa ne, shi ke nan an miƙa masa makullin ɗakin magani.

Wannan littafi kariyarka ce. Hukumar HeFRA da ke ba asibitoci lasisi a ƙarƙashin doka mai lamba 829 ta 2011, da hukumar inshorar lafiya da ke tantance asibiti kafin ta yi hulɗa da shi, duk suna duba takardun ma'aikata. Ranar da kuma wani abu ya faru da marar lafiya, tambayar farko da lauyan iyalinsa zai yi ita ce: wadda ta yi allurar, tana da lasisi a ranar? Idan amsar a'a ce, maganar "ai ta nuna mini rasiɗi" ba za ta yi nisa ba.

Su ma ma'aikatan suna da abin faɗa

Adalci ne a faɗi ɗaya gefen. Ba duk wanda lasisinsa ya ƙare ne maƙaryaci ba. Akwai nas-nas da suka gama makaranta suna zaune a gida shekara da shekaru suna jiran gwamnati ta tura su aiki. Ba albashi, amma ana so su biya kuɗin sabuntawa da na kwas. Irin wannan idan ta samu aikin dare a asibitin unguwa, da albashin farko take fatan ta sabunta, mai asibiti kuma yana cewa sai ta sabunta zai ɗauke ta. Mai asibitin da ke son ma'aikaciyar yana iya warware wannan cikin sauƙi: ya biya mata, a cire a albashi kaɗan-kaɗan, ya kuma ba ta ranar zuwa kwas. Kuɗin bai kai na rana ɗaya da za a rufe masa asibiti ba.

Sauran nauyin kuma na hukumomi ne. Idan doka ta ce takardar lauya marar lasisi ba ta da tasiri, kuma asarar tana faɗawa kan wanda ya ɗauke shi, to wajibi ne a sauƙaƙa wa mutane hanyar dubawa. Jerin sunaye da ake fitarwa lokaci-lokaci yana tsufa kamar yadda kati ke tsufa. Abin da ake buƙata shi ne rajistar da ake sabuntawa kullum, wadda mai ƙaramar waya zai sa lamba ya ga suna da rukuni da hoto da matsayin mutum a yau, har da ko an dakatar da shi. Ƙasar da mai sayar da koko ke karɓar kuɗi ta momo, wannan bai fi ƙarfinta ba. Haka kuma cunkoson Disamba da Janairu, lokacin da kowa ke sabuntawa a tare, shi ke haifar da makonnin da mai gaskiya ke yawo da rasiɗi, mai ƙarya kuma yana fakewa a bayansa.

Kafin a kai can, akwai al'adar da sai mu da kanmu za mu gyara. A zangunanmu, ka tambayi ɗan unguwa ko ɗan aminin babanka ya nuna maka lasisinsa na bana, sai a ga kamar ka ce masa ɓarawo. Maganin wannan kunya shi ne a mai da tambayar ƙa'ida ta kowa da kowa. Duk Janairu, daga babban likita har mai aikin cike gurbi, kowa ya kawo nasa, mai asibitin ma ya ajiye lasisin asibitinsa a kan tebur. Kai kuma mai zuwa wajen lauya, kafin ka sa hannu ka biya kafin alƙalami, ka ce: "Ranka ya daɗe, a ba ni lambar lasisin bana in rubuta." Wanda ya sabunta zai karanto maka ita ba tare da ya ɗaga kai daga takardunsa ba. Wanda ya fara kame-kame kuwa, ka ce za ka dawo gobe, ka je ka duba.